Abokin mahaifina ya ba ni aikin fassara: me zan rubuta masa a imel na farko?

*Malam, ni ɗan Tudun Wadar Kaduna ne, ina zaune a Landan. Wani Alhaji abokin mahaifina, mai ƙungiyar horar da manoma a Kaduna, ya kira ni ta WhatsApp ya ce in fassara musu littafin horo daga Turanci zuwa Hausa, "kuɗi ba matsala". Ya ce in turo imel mu fara. Wallahi nauyin yi masa maganar kuɗi nake ji. Me zan rubuta?*

Ɗan'uwa, kafin ka taɓa madannai, duba irin bizar da kake zaune da ita. Idan ta ɗalibi ce, dokar Birtaniya ta hana ka aikin ƙashin kai, kuma biyan ka da naira a asusun Kaduna ba ya fitar da kai daga hanin, tunda a Landan kake zaune kana yin aikin. Idan kuwa ka gama karatu kana kan bizar Graduate, an yarda maka. Abin da ya rage shi ne haraji: in abin da ka samu ta irin wannan aiki ya haura fam 1,000 a shekarar haraji, wadda ke ƙarewa 5 ga Afrilu, sai ka yi rajista da HMRC, hukumar harajin Birtaniya, zuwa 5 ga Oktoba mai bi mata. Na ɗauka takardunka sun ba ka dama, sai mu shiga batun.

Nauyin da kake ji tarbiyya ce, ba zan ce ka yar da ita ba. Amma ka tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da wa'adinsa. Aikin da za ka yi yau a biya ka gobe bashi ne. Alhaji ya san wannan fiye da ni da kai, don haka ba zai ɗauki rubutu a matsayin raini ba, muddin ka gaishe shi yadda ya kamata. Kuma imel ɗin ba shi kaɗai zai karanta ba. Za a miƙa wa jami'in shirin da akanta, mutanen da ba su san mahaifinka ba, kuma abin da ke kan takarda kaɗai za su biya.

Kada ka faɗi farashi sai ka ga littafin da idonka. "Shafi arba'in ne kawai" ba awo ba ne, domin shafi ɗaya na iya ɗaukar kalma 150, wani 500. Ka nemi a turo maka shi a Word, ka duba adadin kalmomin a ƙasan allo. In PDF ne da aka ɗauka a hoto, sake buga shi wani aiki ne daban da kuɗinsa. Sannan ka yi lissafi da kalmomin Turancin, ba na Hausar da za ka fitar ba. Dalili biyu ne. Na Turancin kowa na iya ƙirgawa tun yau, don haka jimillar kuɗi ta tabbata kafin a fara. Hausar kuma ta kan fi tsawo, sai akanta ya ga adadi ya ƙaru ya fara zargin ka ja zance ne don kuɗi.

A ce ka ƙirga ka sami kalma 12,000, kuma farashinka naira 50 kowace kalma. Dubu 600 ke nan. Na san za ka so yi wa Alhaji ragi, kuma ya dace. Amma ka rubuta cikakken farashin, ka rubuta ragin a ƙarƙashinsa: an sauke naira 10 a kowace kalma, wato dubu 120, saura dubu 480. In ka rubuta 40 kawai ba bayani, 40 ta zama farashinka har abada, a wurinsa da wurin duk wanda zai turo maka daga Kawo zuwa Kakuri.

Inda aka fi samun saɓani shi ne iyakar aikin, don haka nan za ka fi tsayawa. Littafin horon manoma ba rubutu zalla ba ne. Akwai rubutun cikin hotuna, akwai jadawalin taki da magani, akwai tambayoyin ƙarshen babi. Shin suna cikin ƙirgar? Wa zai tsara shafukan bayan fassara? Sau da yawa mai aiki na ɗauka za a dawo masa da littafi a shirye don maɗaba'a, kai kuwa rubutu kawai ka yi niyya. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda kan rikiɗe su zama akwatuna a na'urar mai tsarawa in salon harafinsa bai ɗauke su ba. In an buga haka, sunanka ne zai ɓaci, saboda haka ka nemi a nuna maka kafin bugu, ka kuma faɗa ko dubawar kyauta ce ko da kuɗi.

Gyara ma yana buƙatar shinge. Ƙungiya kan ba mutum biyar su karanta, wannan Bazazzagi, wancan Basakkwace, kowa na son kalmar garinsu, kowa kuma na turo saƙon murya a lokacin da ya ga dama. Maganin abin shi ne ka ce da daidaitacciyar Hausa za ka rubuta, gyara zagaye biyu ne, kuma mutum ɗaya ne zai tattara ra'ayoyin ya turo a rubuce. Ka bambanta gyaran kuskurenka, wanda kyauta ne ko yaushe, da sauya Turancin asali bayan ka gama, wanda sabon aiki ne.

Yanzu biyan kuɗi. Rabi kafin alƙalami, kuma kwanakin aiki su fara daga ranar da kuɗin ya shiga, ba daga ranar da aka ce "an tura" ba. Ragowar rabin ka ɗaure shi da kwanan wata, misali kwana 14 daga miƙa aiki. Kada ka yarda da "idan an amince da aikin" ko "idan masu tallafi sun saki kuɗi", domin waɗannan ranaku ne da ba su cikin kalanda. Ka kuma sa wa farashin wa'adi. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024 ba ya bukatar dogon bayani. A ce fam na naira 2,000, dubu 480 fam 240 ne. In ya koma 2,200 kafin a biya ka, sun zama kusan fam 218. (Ka ma lura: in kana fassara kalma 1,500 a rana, aikin kwana takwas ne, fam 30 a rana. A ma'aunin Landan wannan zumunci ne da gina suna, ba kuɗin haya ba. Ka shiga da saninka.)

Sai harajin da ake cirewa tun daga tushe. Ƙungiyoyi masu rajista a Najeriya kan zare wani kaso daga kuɗin irin wannan aiki su miƙa wa hukumar haraji. In kashi 5 ne, dubu 24 sun tafi. In 10 ne, dubu 48. Ka tambaya tun yanzu ko za a cire, nawa, kuma a ba ka takardar shaidar an biya. Ga yadda zan rubuta da ni ne:

> Take: Fassarar littafin horon manoma: iyakar aiki, farashi da biya
>
> Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, da iyali da ma'aikata. Na gode da ka tuna da ni. Na duba littafin, ga yadda na fahimci aikin, don ofis ya samu a rubuce.
>
> Zan fassara kalma 12,000 daga Turanci zuwa daidaitacciyar Hausa, har da jadawali da tambayoyin ƙarshen babi, in miƙa a Word. Rubutun cikin hotuna da tsara shafuka ba sa ciki, amma zan duba littafin sau ɗaya kyauta kafin a buga. Gyara zagaye biyu ne, ta hannun mutum ɗaya da za ka zaɓa. Abin da aka ƙara ko aka sauya a Turancin daga baya, za a lissafa shi a kan farashin kalma.
>
> Farashina naira 50 ne kowace kalma, jimilla 600,000. Na sauke 120,000 saboda girmanka, saura 480,000. Wannan farashi na nan har kwana 14 daga yau. Za a biya 240,000 kafin in fara, zan miƙa aiki cikin mako uku daga ranar da suka shiga, sauran 240,000 kuma cikin kwana 14 bayan miƙawa. Biya ta asusuna da ke kan takardar neman biya da na haɗo. Ina roƙon akanta ya sanar da ni ko za a cire haraji, da nawa.
>
> In haka ya yi, a amsa wannan imel da "mun amince". In akwai abin gyara, ina saurare. Allah ya ƙara girma.

Ka ga na sa mako uku alhali aikin na kwana takwas ne. Kana da wani aikin a can, kuma za ka tsaya jiran amsar tambayoyi kan sunayen ƙwari da cututtukan shuka, waɗanda gara ka ji yadda manoman yankin ke kiransu da ka ƙirƙiro.

Maganar asusu kuwa da gangan na sa ta. Abin da ya fi faruwa da 'yan ci-rani shi ne a ce "na ba Babanka" ko "na aika wa Hajiya da buhun masara". Daga nan bakinka ya mutu: ba ka iya tambayar mahaifinka nawa aka ba shi, ba ka kuma da shaidar da za ka ajiye don lissafin haraji. Bari kuɗin ya shigo asusu mai sunanka, sannan ka yi wa gida alheri da hannunka.

Mai yiwuwa Alhaji ba zai amsa imel ɗin ba, kiranka zai yi ya ce "ba komai ɗana, ka fara kawai". Ka yi godiya, ka tambaye shi wa ke riƙe da lissafin ofis, ka karɓi adireshinsa. Bayan kun ajiye waya sai ka tura layi biyu, ka sa akanta a ciki: "Kamar yadda muka yi magana da Baba Alhaji yau, an amince da sharuɗɗan da ke ƙasa, zan fara da zarar kafin alƙalami ya shiga." In mako ya wuce shiru, ka tuna wa akanta sau ɗaya, ba Alhaji ba, ka kuma ambaci ranar da wa'adin farashin zai cika.