Dokar L'Hôpital ta ce babu limit, malami ya ce amsar 1 ce: wa ya yi kuskure?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. An ba mu limit na (x + sin x)/x idan x ya nufi infiniti. Na ga sama da ƙasa duk suna tafiya infiniti, sai na yi amfani da dokar L'Hôpital, na samu 1 + cos x. Da yake cos x ba ya tsayawa wuri ɗaya, na rubuta cewa babu limit. Malaminmu ya soke, ya ce amsar 1 ce. A ina na kauce, ko dokar ce ba ta aiki kullum?

Amsa: Malaminku ne da gaskiya, kuma ita ma dokar ba ta yi ƙarya ba. Diribatif ɗin da ka fitar daidai ne. Inda ka kauce shi ne a hukuncin ƙarshe, domin ka ɗora wa dokar maganar da ba ta faɗa ba.

Ga abin da take faɗa. Kana da f(x)/g(x), kuma x yana nufar wata lamba a, ko yana nufar infiniti. Idan sama da ƙasa duka suna nufar sifili, ko duka suna nufar infiniti, kuma dukansu suna da diribatif a kusa da wurin, g′(x) kuma bai zama sifili a kusa da wurin ba, sannan aka ga f′(x)/g′(x) yana nufar wata amsa L, to f(x)/g(x) ma L yake nufa. Ka lura da sharaɗin ƙarshe da kyau. Sai limit na f′/g′ ya samu tukuna dokar take buɗe baki. Idan bai samu ba, shiru take yi. Ba ta ce akwai limit ba, ba ta ce babu ba, kawai ta mayar maka da tambayarka ka nemi wata hanyar.

A taka tambayar, wata hanyar gajeriya ce. Ka raba kowane ɓangare na sama da x:

(x + sin x)/x = 1 + (sin x)/x

Komai girman x, sin x ba ya wuce 1, ba ya kuma sauka ƙasa da −1. Saboda haka (sin x)/x a matse yake tsakanin −1/x da 1/x, su kuwa duka biyun sifili suke nufa. Idan x ya kai 1000, dukan lissafin yana tsakanin 0.999 da 1.001. Idan ya kai miliyan ɗaya, tazararsa da 1 ba za ta wuce 0.000001 ba. Limit ɗin 1 ne, babu ko tantama.

To me ya sa f′/g′ yake ta kai da komo alhali f/g ya natsu? Wannan ne wurin da nake so ka daɗe a kai, domin nan ne fahimtar take. Diribatif saurin canji yake aunawa a daidai lokacin da ake ciki, shi kuwa fankshan ɗin kansa jimillar abin da aka tara ne tun daga farko. Ka ɗauki mutum biyu da suka kama hanya tare. Na farko yana tafiya da sauri ɗaya ba ya canzawa, shi ne g(x) = x, saurinsa 1. Na biyu wani lokaci ya yi sauri har ninki biyu, wani lokaci ya lafa har ya tsaya cak, shi ne f(x) = x + sin x, saurinsa 1 + cos x, yana yawo tsakanin 0 da 2. Idan ka kwatanta saurinsu ba za ka taɓa samun amsa tsayayya ba. Amma nisan da ke tsakaninsu sin x ne kawai, bai taɓa wuce 1 ba. Bayan doguwar tafiya wannan ɗan bambancin ba komai ba ne a kan nisan da suka ci, shi ya sa kwatancen nisansu yake nufar 1. Idan kwatancen saurin ya natsu, dole na nisan ya bi shi, wannan ne alƙawarin dokar. Amma nisan yana iya natsuwa ko da saurin bai natsu ba, domin hawa da saukar suna cinye juna.

Kada ka haɗa wannan da yanayin da f′/g′ yake nufar infiniti. A limit na eˣ/x idan x ya nufi infiniti, dokar tana ba ka eˣ/1, wanda yake girma babu tsayawa, kuma hukuncin ya inganta: eˣ/x ma infiniti yake nufa. Abin da ke rufe bakin dokar shi ne kai da komo irin na cos x, inda babu wata alƙibla guda.

Kuskurenka na wanda ya duba sharaɗin farko ne ya manta na ƙarshe. Wanda ya fi shi yawa a takardun ɗalibai shi ne rashin duba na farkon, musamman a zagaye na biyu. Ɗauki limit na (x³ + x − 2)/(x² − 3x + 2) idan x ya nufi 1. Ka sa 1 a sama: 1 + 1 − 2 = 0. Ka sa a ƙasa: 1 − 3 + 2 = 0. Sifili bisa sifili ne, ƙofa a buɗe take. Diribatif na sama 3x² + 1, na ƙasa 2x − 3. Ka sa 1, ka samu 4/(−1), wato −4. An gama.

Amma ɗalibin da hannunsa ya saba sai ya ga har yanzu akwai x a sama da ƙasa, ya sake fitar da diribatif, ya samu 6x/2, ya rubuta 3. Babu abin da zai yi masa ƙararrawa, domin 3 lamba ce mai kyan gani kamar kowace amsa. Ko alamarta ma ba daidai ba ce. Da ya gwada x = 1.01 a tambayar asali, da ya samu kusan −4.07, kuma da ya ware sama da ƙasa, da ya ga (x − 1)(x² + x + 2) bisa (x − 1)(x − 2), wanda yake ba da 4/(−1) bayan an soke x − 1. Shi ya sa nake cewa duk lokacin da ka fitar da diribatif, ka sake sa lambar kafin ka ƙara taku. Kowane zagaye sabon amfani ne da dokar, kuma yana bukatar nasa izinin.

Dalilin da ya sa sharaɗin farko ya zama dole yana da sauƙin gani a yanayin sifili bisa sifili. A kusa da a, fankshan mai santsi yana kama da miƙaƙƙen layi: f(x) kusan f(a) + f′(a)(x − a) ne, haka g(x) kusan g(a) + g′(a)(x − a) ne. Idan f(a) da g(a) duka sifili ne, abin da ya rage shi ne f′(a)(x − a) bisa g′(a)(x − a), sai x − a ya soke, a bar f′(a)/g′(a). Sirrin dokar ke nan a yanayinta mafi sauƙi. Idan kuwa ba sifili ba ne, f(a) da g(a) suna nan zaune, su ne ma suke rinjaye yayin da x − a yake ƙanƙancewa, babu abin da zai soke. Wanda ya riƙe wannan bayanin ba zai kuma faɗa wa wani kuskuren da ake yawan yi ba, na fitar da diribatif ɗin f/g gaba ɗaya da ƙa'idar rabawa, wato (f′g − fg′)/g². Wancan wata tambaya ce daban yake amsawa. A nan sama daban ake yi, ƙasa daban.

Akwai kuma lokacin da sharuɗɗan duka sun cika amma dokar ba ta kai ka ko'ina. Gwada x/√(x² + 1) idan x ya nufi infiniti. Diribatif na sama 1 ne, na ƙasa x/√(x² + 1), saboda haka ka samu √(x² + 1)/x, wato tambayar ce ta juye kai ƙasa. Ka sake yi, ka dawo inda ka fara. Idan ka raba sama da ƙasa da x za ka samu 1/√(1 + 1/x²), kuma 1 ta fito nan take. Duk sanda ka ga zagaye na biyu bai fi na farko sauƙi ba, ka ajiye dokar ka koma aljabara.

Wani amfanin da ba na so, ko da yake amsarsa daidai take fitowa, shi ne a kan (sin x)/x idan x ya nufi sifili. Dokar tana ba da cos x bisa 1, wato 1, kuma hakan ne. Sai dai a yadda aka saba koyarwa, da wannan limit ɗin ne ake tabbatar da cewa diribatif na sin x shi ne cos x. Idan an ce ka tabbatar da limit ɗin, kai kuma ka jingina da cos x, ka kafa hujja da abin da ake nema ka tabbatar. Don tuna amsa babu laifi, amma a matsayin hujja bai tsaya ba.

Ko da yake sunan Guillaume de l'Hôpital ne a kanta, saboda a littafinsa na kalkulas na 1696 ta fara fitowa, Johann Bernoulli ne ya gano ta, kuma shi ne ya koyar da L'Hôpital. Abin da ke cikin littafin yanayin sifili bisa sifili ne. Sauran siffofin, irin su 0·∞ ko ∞ − ∞, har yau ba a shigar da su kai tsaye, sai an fara mayar da su siffar rabawa. Misali, x·ln x idan x ya nufi sifili ta dama ana rubuta shi (ln x)/(1/x), dokar ta ba da (1/x)/(−1/x²) = −x, limit ɗin ya zama sifili.

Idan irin tambayarka ta sake zuwa a jarrabawa, abin da za ka rubuta shi ne: siffar ∞/∞ ce, amma f′/g′ = 1 + cos x ba shi da limit, don haka dokar ba ta yanke hukunci ba. Daga nan ka raba da x, ka nuna (sin x)/x a matse yake tsakanin −1/x da 1/x, ka kammala da 1. Don ka gwada hannunka, ɗauki (x − cos x)/(x + cos x) idan x ya nufi infiniti. Diribatif na ƙasa 1 − sin x ne, wanda yake taɓa sifili a kai a kai komai nisan da x ya yi, don haka tun a sharaɗin g′ dokar ta faɗi. Raba sama da ƙasa da x, za ka ga shi ma 1 yake nufa.