Me zan rubuta a ƙasan hoton abaya?

"Salamu alaikum manyanmu. Wata huɗu ke nan da na fara sayar da abaya ta waya. Hotunana suna da kyau, ana tambaya sosai, amma da na faɗi kuɗi sai a yi shiru. Don Allah me ya kamata in riƙa rubutawa a ƙasan hoto?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a nema. Ni ma abaya nake sayarwa daga nan Kano, yau shekara shida, kuma na daɗe ina zaton tsada ce ke korar mutane. Ashe sau da yawa tsoro ne. Matar da ta shiga Kantin Kwari za ta taɓa yadi, ta ɗaga shi ta ga ko yana nuna jiki, ta kara rigar a kafaɗarta. Wadda ke Gombe tana kallon wayarta ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan, ga shi kuma an ce ta turo kuɗi tukuna. To rubutunki shi ne hannunta da idonta. In kin cika shi da "mai kyau ce, ta manyan mata, sai wadda ta gani", ba ki gaya mata komai ba, don duk mai sayarwa haka take cewa.

Fara da awo, don nan na fi shan wuya. Lambar da ke wuyan abaya, 52, 54, 56, 58, 60, tsawo take nufi, inci nawa ne daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ba ruwanta da ƙiba. Mata da yawa ba su san haka ba. Akwai wata baiwar Allah, gajera ce mai jiki, ta ce in ba ta 58 don "babban sayiz" take sakawa. Ban tambaye ta komai ba, na kai tasha. Da abayar ta isa, ƙasanta yana jan ƙasa, ƙirji kuma ya matse ta. Ni na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ribar abaya uku ta tafi, ita kuma ba ta sake saye a wurina ba. Laifina ne, don lamba kawai na rubuta.

Tun daga ranar ba na ɗora abaya sai na shimfiɗa ta a kan gado na sa mata tef. Ina auna tsawo, sannan daga hammata zuwa hammata, sannan hannu daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Awon hammata sai ki ninka shi biyu: in ya ba ki inci 23, zagayen ƙirjin rigar 46 ne. Kada ki ce za ta yi wa mai ƙirji 46, don abaya ba a sonta ɗame. Ki bar sararin inci huɗu aƙalla, ki rubuta cewa ta dace da mai ƙirji 42 zuwa ƙasa. Kuma da yake ba kowace mace ta san awonta ba, ina ƙara layi ɗaya: "Ɗauko abayar da take yi miki daidai, ki shimfiɗa ki auna, ki gwada da wannan." Wannan layin kaɗai ya rage mini dawo da kaya fiye da duk wata dabara.

Sai yadi. Rubuta sunansa, nida ne ko shifon, amma kada ki tsaya nan, don sunan ba ya amsa abin da ke ranta. Abin da take son ji shi ne: yana nuna jiki a rana? Yana da zafi? Yana yamutsewa in an zauna a mota? Ki fita tsakar gida ki sa hannunki a bayan yadin. In kina ganin yatsunki, rubuta cewa shara-shara ne, sai da riga a ciki. Na san za ki ce ai wannan korar ciniki ne. Wallahi akasin haka na gani. Mace in ta ga kin faɗi aibin kayanki da bakinki, sai ta yarda da sauran maganarki. Wadda kuma aibin ya dame ta, gara ta fasa tun yanzu da ta karɓa ta je tana nuna wa ƙawayenta abin da ta yi oda da abin da aka kawo mata. Haka duwatsun ado: in manna su aka yi da gam, ki ce a wanke da hannu, kada a sa a inji, kada a ɗora dutsen guga a kansu.

Kala ma tana haɗa faɗa, musamman shuɗi mai duhu da ke fitowa baƙi a hoton dare. Ki faɗi kalar da sunan da muka sani, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ki kuma ce a hasken rana aka ɗauki hoton, in dai haka ne.

Ga yadda na rubuta wa wata da na ɗora kwanan nan, ki kwatanta da naki:

"Abaya baƙa, yadin nida, naira 35,000 har da mayafinta. Akwai 54 guda biyu, 56 guda uku. Lambar tsawo ce a inci. Zagayen ƙirji 46, ta dace da mai ƙirji 42 zuwa ƙasa. Ba ta nuna jiki. Gabanta a rufe yake, amma akwai zif har ƙasan ƙirji, mai shayarwa za ta ji daɗinta. Hannun roba ne, yana naɗuwa wajen alwala. Duwatsun hannu na gam ne, wankin hannu kawai. Tana ƙasa yanzu, ba sai an jira ba. Cikin Kano a kawo miki yau. Wajen Kano ta tasha, kuɗin mota naki ne. In awo bai yi ba ina canzawa cikin kwana uku, muddin ba a sa ba, ba a fesa turare ba."

Kin ga kuɗi ne a layin farko. Ni ban yarda da "a shigo ta ciki a ji farashi" ba. Mai kunya ba za ta shigo ba, mai hankali kuma za ta ɗauka kallon mutum kike yi kafin ki yanka masa kuɗi. Ga shi Instagram yana yanke dogon rubutu, layukan farko kawai ake gani sai an danna, don haka abin da ya fi muhimmanci shi ne a sama, gaisuwa da kirari su koma ƙasa ko a bar su. Maganar zif da alwala kuwa ba daga kaina na ƙirƙiro ba. Na zauna ne wata rana na bi saƙonnin wata guda, na rubuta kowace tambaya a littafi, duk wadda ta fito sau uku na mayar da amsarta cikin bayanin kaya. Ke ma yi haka daren yau, kwastomominki sun riga sun gaya miki abin da za ki rubuta.

Abu ɗaya da nake roƙonki ki kiyaye shi ne "saura ɗaya" na ƙarya. In an saya yau, gobe aka sake ganin "saura ɗaya", an gane ki. Haka in kayan suna hanya daga Dubai ko Misira, ki ce suna hanya, ki ƙara kwanaki a kan abin da mai kawowa ya faɗa miki, balle gab da Sallah. Kuma tunda abin da kika ɗora a status na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, ki adana bayanin kowace abaya a kundin kaya na WhatsApp Business, duk wadda ta ce "nawa?" ki tura mata shi gaba ɗaya, ba kuɗin kawai ba. Ɗauko abaya ɗaya ki auna, ki rubuta nata, ki turo mini in duba miki.