Imalshan mai araha ciki da waje?

"Jama'a, na gama filasta, saura fenti. Mai fenti ya ce in sayi imalshan mai araha a shafa ciki da waje, wai duk ɗaya ne. In bi shawararsa?"

Malam, don Allah kada ka yarda. Irin maganar da aka yi mini ke nan, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Mai fentina na ba shi amana, ya karɓi kuɗi ya sayo na ciki ya shafa a waje, ya kuma cika shi da ruwa. Damina ɗaya bangon gabas ya koɗe, in ka shafa hannu sai ya fito fari fat da alli. Ranar sunan 'yata baƙi suka jingina da bango, duk suka tashi da farin baya. Na kira shi, wai ruwan sama ne ya yi yawa. Ko haƙuri bai ba ni ba!

Daina kallon kuɗin bokiti, ka duba bayansa inda aka rubuta murabba'in mita nawa lita ɗaya take rufewa. Ɗauki ɗaki ƙafa 12 da 12, tsayin bango mita 3. In ka cire ƙofa da taga, bangon ya kai kamar mita 40. Mai kyau yana rufe wajen mita 10 a lita, shafi biyu ya wadatar, lita 8 ke nan. Mai araha da kyar yake rufe 5, kuma sai an yi shafi uku kafin siminti ya ɓuya, lita 24. A ce bokitin lita 20 na mai araha naira 20,000 ne, mai kyau 50,000. Ɗakin zai ci 24,000 da mai araha, wato 600 kowace mita, mai kyau kuma 20,000, wato 500. Ban ma sa kuɗin aikin shafi na uku ba. Ko Dulux ne, ko Berger, ko na ƙananan kamfanoni, haka za ka gwada su da farashin ranar.

A waje ka nemi wanda aka rubuta na waje ne. Tekskot, wato fenti mai kauri da kaushi, yana ɓoye tsagar filasta, amma yana shan fenti sosai, kuma ƙurar hunturu tana maƙalewa a jikinsa. Falo da inda yara ke goga hannu, satin ya fi, don ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, sai dai ƙyallinsa yana tona asirin bangon da ba a yi wa sikiridin, wato shafen da ke sa bango sumul, mai kyau ba. Shi kuwa fentin mai, ka bar wa ƙofa da ƙarfe. A bango mai danshi kumbura yake yi ya ɓare.

Yaushe ma aka gama filastar taka? Bari ta yi kamar wata guda ta bushe, sannan a fara da firama, wato shafin farko kafin fenti. In ka ga farin gishiri yana fitowa a gindin bango, danshi ne daga ƙasa, a magance shi tukuna kafin a buɗe bokiti.