'Yata ta dawo da zanen mahaifa a littafinta: in cire ta daga makarantar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. 'Yata shekararta 13, tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Na buɗe littafinta na ga zanen mahaifa da bayanin yadda ake ɗaukar ciki. Hankalina ya tashi ƙwarai. Wannan ba buɗe wa yara ido ba ne? Ina tunanin cire ta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah kada ka cire ta.

Darasin nan yana da asali. Tun 2003 hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta fitar da manhajar ilimin zaman iyali da kariya daga ƙanjamau, aka sanya ta cikin darussa irin su kimiyya. Inda ake koyar da ita yadda ya kamata, yaro zai san sauye-sauyen balaga, jinin al'ada da tsaftarsa, mafarkin samari, yadda ciki ke shiga, hanyoyin kamuwa da ƙanjamau da ciwon sanyi, da yadda zai ce a'a. Mafi girma a wurina, ya san wane taɓi ne bai halatta ba, ya kuma san wa zai gaya wa. Wani sashe na wannan ma ai malaman Islamiyya suna karantar da shi a babin haila da janaba, ba wanda ya ce sun lalata kowa.

A kan buɗe ido, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta tattara bincike 87 kan irin wannan darasi a 2009. A cikin waɗanda suka auna lokacin fara jima'i, ba ko ɗaya da ya nuna darasin ya sa yara gaggawa. Sama da kashi ɗaya cikin uku ma jinkirtawa suka nuna.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da ke cike gurbin idan malami da iyaye suka yi shiru. Kusan kullum sai na ji wannan magana a ɗakin awo inda nake aiki: “Ai sau ɗaya ne, an ce sau ɗaya ba a ɗaukar ciki.” Ƙarya ce. Sau ɗaya ya isa. Maniyyi yana iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace yana jiran ƙwai, ƙwan kuma yakan fito kamar kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Ke nan yarinyar da ba ta taɓa ganin jini ba ma tana iya ɗaukar ciki, domin ƙwan farko yana iya riga jinin farko. Wanke gaba da ruwan gishiri ba ya hana komai, haka shan jar kanwa, ko lemon tsami, ko kafson da mai kemis ke ƙirga wa yara a leda yana karɓar kuɗinsu. Kafson nan maganin ƙwayoyin cuta ne, ba ruwansa da ciki. Masu sayar da shi sun san haka, Allah zai tambaye su.

An taɓa kawo mini wata yarinya 'yar shekara 14, mahaifiyarta na cewa ciwon ciki ne da kumburi. Na ɗora hannu na ji mahaifa ta kai cibiya, wata biyar ke nan. Wani babba ne a unguwarsu ya yaudare ta, ya ce mata sau ɗaya ba ya komai, ya ba ta kafso biyu. Al'adarta ta ɗauke ba ta san ma'anar hakan ba, don ba wanda ya taɓa gaya mata. Ta riƙe gefen hijabinta tana murzawa, ta kasa ko faɗin sunan abin da aka yi mata. Da ta san cewa wannan zalunci ne kuma ba laifinta ba ne, da ta faɗa wa uwarta a daren. Da an kawo ta cikin awa 72, akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha kwana 28, akwai na hana ɗaukar ciki na gaggawa, a kuma rubuta shaidar likita don hukuma. Duk wannan ya wuce ta saboda shiru. Mutumin da ya cuce ta, da rashin saninta ya yi aiki, Malam.

Ban ce kowane malami ya iya koyar da darasin ba. Akwai mai tsallake shafin don kunya, akwai mai mayar da shi abin raha, wannan kuwa dole a tsawata masa. Ka je makarantar ka nemi ganin tsarin darasin, ka tambayi wanda ke koyarwa. Kana da haƙƙin neman a raba maza da mata a wannan darasi, a sa malama mace ga 'yan mata. A gida kuma mahaifiyarta ta zauna da ita da littafin, ta tambaye ta abin da ta fahimta, ta ɗora mata hukuncin addini a kai, sannan ta faɗa mata a fili cewa duk wanda ya taɓa ta, ko ɗan uwa ne ko malami, ta zo ta faɗa a ranar, ba za a doke ta ba.