Wai ko in biya kuɗin kiliyarans ko a kama ni

Tambaya: Salam Malam, wani ya turo min saƙo a WhatsApp wai shi jami'in kwastan ne, akwai gwanjon Corolla a naira dubu 900, na biya dubu 25 na fom, yanzu kuma ya ce in turo dubu 150 na kiliyarans kafin Juma'a ko EFCC ta kama ni tunda sunana ya riga ya shiga takarda. In biya in huta ne? Daga wani ɗan'uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kar ka ƙara tura ko sisi, babu mota babu kamu, ɗan damfara ne.

Koma ka duba rasit ɗin dubu 25 ɗin nan, sunan wa ya fito? Na tabbata sunan mutum ne, wataƙila ma ba sunan da ogan ya gaya maka ba, in ka tambaya ya ce ai na akawun ofis ne. To kuɗin gwamnatin tarayya ba ya shiga asusun wani mutum, tun 2015 aka tilasta asusun bai ɗaya wato TSA. Gwanjon kwastan na gaskiya kuwa a shafinsu na intanet ake yi mai ƙarewa da .gov.ng, sai ka yi rajista da lambar harajinka ta TIN, ka shiga a yi ta tayi da sauran jama'a wanda ya fi tsoka ya ɗauka, ba wani jami'i da zai ware maka mota a gefe don ya ga kana da kirki. Hoton kaki da katin aiki da ya turo maka kar su ruɗe ka, a Facebook suke kwasowa.

Maganar kamu ita ce ta ba ni dariya wallahi, laifin me ka yi? Wanda ya fasa sayen kaya ba a ɗaure shi, kuma EFCC takardar gayyata take aikowa ka je ofis, ba ta karɓar kuɗi don ta fasa zuwa. Sun ga ka fara ja da baya ne shi ya sa suka sako tsoro da wa'adin Juma'a don kar ka samu lokacin shawara da kowa, in ka biya wannan gobe kuɗin lamba ne jibi na direban da zai kawo motar, haka za su yi ta tatsarka.

Kafin ka toshe lambarsa ɗauki hoton hirarku gaba ɗaya da rasit da lambar asusun, ka je bankinka yau ɗin nan ka shigar da ƙorafi a rubuce, su za su tuntuɓi bankin da kuɗin ya faɗa, sannan ka kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC ɗin da yake maka barazana da ita. Gaskiya dawowar dubu 25 da wuya don nan take suke kwashewa. Abin da ya fi damuna fom ɗin da ka cike ne, in ka rubuta BVN ko lambar katin ATM a ciki sa a rufe katin a ba ka sabo, kuma duk wanda ya kira ya ce karanto min lambobin da suka shigo wayarka yanzu, ko da ya ce daga banki yake, kashe wayar.