Liman ya ce "an'amtu" a Fatiha, ya matsayin sallarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Limamin masallacin layinmu dattijo ne, ya fi shekara 20 yana jan mu sallah, to kwanan nan da aka sa lasifika sai na lura a Fatiha yana cewa "siraɗallazina an'amtu alaihim", ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Wani ya ce min wai wasali ɗaya ne kawai ba komai, wataƙila ma Warshu ce. Shin sallolinmu sun yi ko sai mun rama?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko dai wanda ya ce maka Warshu ce bai faɗi daidai ba, Warshu da Hafsu duk "an'amta" suke karantawa da wasalin sama.

Ka ga wannan ta'un ta ƙarshen kalmar ita ce ke nuna wanda ya yi aikin. In ka ɗora mata fataha, an'amta, ma'ana Kai ka yi ni'ima, wato kana magana da Allah kana roƙon ya shiryar da kai hanyar waɗanda Ya yi wa ni'ima. In ka sa mata rufu'a ta koma an'amtu, to ka ce NI na yi musu ni'ima kenan, mai karatun ya zama shi ne ya ni'imta annabawa da siddiƙai da shahidai da salihai, subhanallahi. In kuwa kasra ce, an'amti, mace kake wa magana. Baƙaƙen ba wanda ya motsa, ma'ana ce ta tashi gaba ɗaya. Irin wannan shi malamai ke ce wa lahanin da ke canza ma'ana, kuma ba ɗaya yake da mutum ya ce "na'abuda" maimakon "na'abudu" ba, wancan ma ya ci gyara amma ma'anar na nan inda take.

Amma fa abokin naka ba a banza ya kawo zancen Warshu ba, don akwai wuraren da wasali ke bambanta tsakanin ruwayoyi kuma duk Alƙur'ani ne. Duba ƙarshen Suratul Buruji, aya ta 22. Mai Hafsu zai ce "fi lauhin mahfuzin", nan allon ne abin tsarewa. Wanda ya tashi a makarantar allo da Warshu zai ce "mahfuzun", sifar sai ta koma kan Alƙur'anin da aka ambata a ayar da ta gabata, shi ne abin tsarewa a cikin allon. Ma'ana ta ɗan juya amma dukkansu da isnadi suka zo. Na sha ganin yara masu Hafsu suna yi wa gardi gyara a nan wurin alhali shi ma daidai ya karanta. An'amtu kam ba ta cikin wannan layin.

To hukuncin. Wanda ya san ma'anar kuma ya faɗa da gangan sallarsa ta ɓaci, ta masu binsa ma haka, wannan ba saɓani. Ban zaci limaminku daga nan yake ba, galibi harshe ne ya saba tun ƙuruciya ba a gyara masa ba. A irin wannan malaman Malikiyya sun yi saɓani sosai, Shehu Halilu ma a Muhtasar saɓanin ya ambata, wasu suka ce bin mai lahani a Fatiha bai inganta ba, wasu suka ce sai in ya canza ma'ana, amma abin da masu sharhi suka dogara a kai shi ne sallar ta inganta matuƙar ba da gangan ya yi ba, sai dai bai kamata a gabatar da shi ba in akwai wanda ya fi shi karatu. Shafi'iyya da Hanabila sun fi tsanantawa, a wurinsu wanda ya iya Fatiha ba ya bin mai canza ma'anarta.

Abin da nake ba ka fatawa da shi, sallolin da suka wuce ba sai kun rama ba. Na gaba kuwa tunda kun ji, shiru bai halatta ba. Amma kafin komai ka tsaya a sahun farko kusa da shi ka ji da kunnenka, don lasifikar masallatanmu wani lokacin tana cinye ƙarshen kalma, kar ka ɗora wa bawan Allah abin da bai faɗa ba. In ka tabbatar, kar ka tare shi gaban jama'a, ku samu wani sa'ansa da yake jin nauyinsa su keɓe ya karanta masa, wannan gyaran na kwana biyu ne in ya yarda. In ya sake kuɓuce masa a cikin sallah na bayansa ya buɗe masa, ya ce "an'amta", shi kuma ya maimaita daidai ya wuce, ba ƙabli ba ba'adi a kan wannan. In an yi an yi harshen ya ƙi, ko shi ya ƙi karɓa, sai dattawan masallacin su roƙe shi cikin mutunci ya bar wa na'ibi limancin duka, har Azahar da La'asar, don a ɓoye ma Fatihar nan dai ita zai karanta.

Wallahu a'alam.