Na aika takardar farashi, Alhaji ya yi shiru: yaya zan tuna masa?

Tambaya: Malam, ina sana'ar haɗa wutar sola a Kano. Wani mai makarantar kuɗi ya kira ni, na je na duba kayan wutarsu, na aika masa takardar farashi ta WhatsApp, naira miliyan 6 da dubu 800. Ya ce, "Za mu duba, in sha Allahu." Yau mako uku ke nan shiru. Na tura "Salam Alhaji" sau biyu, ya karanta bai amsa ba. Yaya zan rubuta masa ba tare da na zama mai naci ko mai roƙo ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da daina tura sallama ita kaɗai. Mutum ya ga sallamarka, ya san abin da kake nema, ba shi da amsar da zai ba ka yanzu, sai ya ga shiru ya fi masa sauƙi. Kowace sallama da ka ƙara, nauyin da yake ji ne yake ƙaruwa, har ya kai ga jin kunyar buɗe saƙonka gaba ɗaya. A wajenmu babban mutum ba kasafai yake cewa ƙarami "a'a" kai tsaye ba, kuma ya fi jin nauyin cewa "kuɗin sun yi mini yawa". Saboda haka aikin wasiƙarka shi ne ta sauƙaƙa masa amsa, kowace iri ce.

Kafin ka rubuta, yi tunanin abin da ya sa shi shiru. Makarantar kuɗi tana samun kuɗinta ne a farkon zangon karatu, lokacin da iyaye ke biya, wato wajajen Satumba, Janairu, da kuma Afrilu ko Mayu. Idan takardarka ta isa a tsakiyar zango, wataƙila abin da ke asusu albashin malamai ne kawai. Yana iya yiwuwa kuma ba shi kaɗai ke yanke shawara ba: akwai abokin tarayya, ko akanta, ko ɗansa da ya ce a bari ya tambayi wani mai sola. Ko kuma ya kai takardarka wurin wani ya ce a rage masa. Ba ka san wanne ne ba, kuma bai kamata ka yi masa zato a cikin wasiƙa ba. Ka buɗe masa ƙofofin duka, ya zaɓa.

Ga yadda zan rubuta ta farko:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Ranka ya daɗe, da fatan an tashi lafiya, yaya ɗalibai da malamai? Ni ne mai sola da ya zo duba makaranta, na aiko da takardar farashi mako uku da suka wuce. Na sake haɗo ta a nan don kada a sha wahalar nema. Abu ɗaya nake son sani don in tsara aikina: shin ana sa ran yin aikin a wannan zangon ne, ko sai bayan an karɓi kuɗin makaranta na zango mai zuwa, ko kuwa an ajiye maganar tukuna? Duk wadda ta kasance daidai ce a wurina, kalma ɗaya ma ta ishe ni. Allah ya ƙara girma."

Duba abin da ke ciki. Ka gabatar da kanka, domin mai yiwuwa lambarka ba ta da suna a wayarsa. Ka sake haɗa takardar, domin ta nutse a ƙarƙashin saƙonnin iyaye da na malamai. Tambaya ɗaya ce tak, kuma amsoshinta uku suna gabansa, ciki har da wadda za ta ba shi damar janyewa da mutuncinsa. Babu "na ji ku shiru", babu "na turo saƙo ba a amsa ba". Waɗannan kalmomin tuhuma ne ko da an lulluɓe su da ladabi, kuma wanda aka tuhuma kare kansa yake yi, ba ya ciniki. Ka aika da safe, tsakanin Litinin da Laraba. Ka guji Juma'a, da makon jarrabawa, da goman ƙarshe na azumi.

Idan kwana goma suka wuce shiru, ta biyu ba maimaicin ta farko ba ce. Dole ta zo da sabon abu. A sana'arka kana da guda biyu na gaskiya. Na farko, batir da inbata da faifan sola yawanci daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, don haka takardar farashi ba ta zama har abada. Ka faɗi ranar da farashinka zai ƙare, amma ranar ta zama ta gaske, wadda ka tabbatar daga wurin dilan da kake sayen kaya. Idan ka ce farashi zai tashi ranar Asabar, ya kira ka bayan wata guda ka ba shi a tsohon kuɗi, ya gane ƙarya ka yi, kuma daga nan ba zai yarda da abin da ka ce game da ƙarfin batir ba.

Na biyu shi ne raba aikin, kuma shi na fi so. Ka ce masa, alal misali, za a iya farawa da ofis da ɗakin kwamfuta a kan miliyan 3, a sa inbatar da za ta ɗauki ƙari, ragowar ajujuwa su biyo a zango na gaba. Ka haɗa da lissafi daga bakinsa. A ce ya gaya maka suna kashe dubu 300 a wata wajen man janareta. Raba miliyan 6 da dubu 800 da wannan, ka samu kusan wata 23, ƙasa da shekara biyu. Amma ka faɗa masa gaskiya cewa lissafin zai ɗan fi haka tsawo, domin a watannin hutu ba sa ƙona man sosai, kuma a ranakun hadari da ƙurar hunturu za su iya tada janareta. Wannan gaskiyar tana sa a amince da sauran lissafinka.

Kada ka rage kuɗi tun ba a tambaye ka ba. Na san zuciya tana raya maka hakan idan shiru ya yi tsawo, amma wanda ya ga ka sauke dubu 500 saboda shirunsa kawai ya koyi cewa shiru yana biya, kuma zai yi zargin tun farko ka cika kuɗin. Raba aiki daban, rage farashi daban.

Tsakanin ta biyu da ta uku, ka yi amfani da ƙafarka. Idan wani ne ya haɗa ku, ka roƙe shi ya ji maka inda maganar ta tsaya, domin abin da Alhaji ba zai gaya maka ba zai gaya masa. In babu, ka biya makarantar ka gaisa da shugaban malamai ko akanta, minti biyar, ba tare da ka nemi a shigar da kai wurin Alhaji dole ba.

Ta uku ita ce ta rufewa, bayan kamar mako biyu: "Ranka ya daɗe, zan ajiye takardar nan a gefe don kada in riƙa damun ku. Farashin da ke ciki ya ƙare, amma awon da na yi yana nan, duk ranar da aka shirya kwana ɗaya ya isa in sabunta shi. Da izininku zan sake tuntuɓa mako biyu bayan an koma makaranta." Daga nan ka tsaya da gaske. Ka rubuta ranar a littafinka, kuma idan ta zo ka aika sabuwar takarda da farashin wannan makon, tare da zaɓin raba aikin a shafin farko.